Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba atenuweta ta bututun iska?

Masta Salisu, Asawase: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina rubuta wa yaran shagona takardar koyon haɗa bututun iska na manyan na'urorin sanyaya gini, kuma na tsaya cik a kan kalma ɗaya. Akwai akwatin ƙarfen da ake sakawa a tsakiyar bututu, tsakanin fankar ɗakin injuna da ɗakunan da mutane suke zaune. Cikinsa an jera shinge biyu ko uku na kwano mai huji-huji, an cusa musu audugar gilashi, iska kuma tana ratsawa ta tsakaninsu. Injiniyoyi suna ce masa atenuweta, yarana kuwa suna cewa salansa. Ina neman sunan da yaro zai ji ya fahimci aikin abin.

Awudu, Aboabo: Wa alaikumus salam, Masta. A ganina salansa ta wadatar, domin duk wanda ya taɓa shiga Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, ya san ta, kuma aikinsu ɗaya ne, wato kashe ƙara. Idan lallai sai Hausa zalla, a ce makashin ƙara.

Injiniya Hajiya Rakiya, Asokwa: Malam Awudu, ka yi gaskiya cewa dangi ne, amma ba na goyon bayan ko ɗaya daga cikin sunayen biyu. A bakin Bahaushe salansa ta riga ta zama bututun hayaƙin babur da mota, kuma a ɗakin injuna sau da yawa akwai janareta mai salansarsa ta gaske, don haka idan aka ce a duba salansa, yaro zai nufi wajen janareta. Makashin ƙara kuwa yana ɗaukar alkawarin da abin ba ya cikawa. Ba ya kashe ƙara, yana rage ta ne, kuma ba ya rage kowace irin ƙara daidai wa daida. Siririyar ƙara mai kama da huci tana nutsewa cikin audugar nan da sauƙi, amma rugugi mai kauri yana wucewa kusan yadda ya zo, saboda igiyar sautin 125 Hz, wato mai kaɗawa sau 125 a daƙiƙa, ta kai tsawon kusan mita 2.7, ta fi ƙarfin shinge mai kaurin taƙi ɗaya.

Bari in kawo abin da na gani da idona a wani ɗakin taro a nan Kumasi. Takardar aiki ta ce kada ɗakin ya wuce NR 35, kuma wannan lamba ba awo ɗaya ba ce, iyaka ce da aka sa wa kowane zangon sauti: ƙarfin ƙara kusan desibel 52 a 125 Hz, 45 a 250 Hz, 35 a 1000 Hz. Zangon da ya fi ƙetare iyakarsa shi ne yake yanke wa ɗaki hukunci. Da na auna a tsakiyar kujeru, sai na tarar siraran zangunan duk suna cikin iyaka, amma a 250 Hz na'ura ta nuna 56, wanda ya jefa ɗakin zuwa wajen NR 48. Dalilin bai ɓuya ba. Fankar tana juyawa kusan sau 1450 a minti ɗaya, tana da fukafukai 10, wato fiffike yana gifta bakin mafita kusan sau 240 a daƙiƙa, kuma nan ne rugugin ya taru. Duk wanda ya zauna a layin baya yana jin abin a ƙirjinsa, mai jawabi kuma sai ya ɗaga murya.

Akwatin yana nan, an saye shi da tsada, amma an kafa shi a gindin fankar, aka bar bututu tsirara na kusan mita uku tsakaninsa da bango. Ƙarar ɗakin injuna sai ta riƙa ratsa siririn kwanon ta sake shiga bututun bayan an riga an rage ta. Mun mayar da shi jikin bango daidai inda bututu yake fita, mun canza shi da wanda ya fi tsawo, mun toshe giɓin da ke kewaye da shi. Ragi muke lissafawa, desibel 11 ko 12 a zango ɗaya, shi ya sa nake ba da shawarar a ce maragin ƙara.

Baba Tanko, Tafo: Hajiya, ko wannan ne abin nan mai hannu da ake murɗawa a jikin bututu? A masallacinmu bakin iska ɗaya yana yin fito, na sa aka murɗa hannun don ƙarar ta ragu, sai ta ƙaru.

Injiniya Hajiya Rakiya: A'a Baba, wancan damfa ce, aikinta rage yawan iskar da ke wucewa. Da aka matse ta, iska ta rasa hanya ta riƙa kutsawa da ƙarfi ta ƙaramar kafa, shi ne fiton da kake ji. A buɗe ta, a rage iskar daga can baya, nesa da bakin. Amma tambayarka ta tuna mini da cewa shi ma maragin yana iya haifar da tasa ƙarar. Bututu mai faɗin mita ɗaya da tsayin rabin mita, idan yana ɗauke da iska mita kubik 2 a daƙiƙa, gudunta mita 4 ne a daƙiƙa. Idan shingayen suka cinye rabin hanya, gudun ya zama 8, idan kuwa suka bar sulusi kawai, ya zama 12, kuma tirjiyar da fanka take fama da ita ta ninka fiye da sau biyu. Mai zaɓe yakan ruɗu da lambar ragi mafi girma a takardar masu ƙerawa, ya ɗauki mai matsattsiyar hanya, ya wayi gari da huci a ɗaki da ƙarancin sanyi.

Malam Habibu, malamin Hausa, Sabon Zongo: Ta fuskar ginin kalma, maragi ya zauna daidai, kamar yadda muka samu mabuɗi daga buɗe da marufi daga rufe. Na so in kawo matacin ƙara, tun da Hajiya ta ce yana tare wata ƙara ya bar wata, sai dai na ji a cikin na'urar akwai matacin ƙura, kuma za a rikita su. Damuwata ita ce damfar Baba Tanko ma ragewa take yi, don haka wajibi ne a riƙa faɗin sunan a cike, maragin ƙara, ita kuma a ce mata maragin iska ko a bar ta da sunanta.

Awudu: Na yarda da batun janareta, Malam. Amma idan na je wajen mai sayarwa na ce maragin ƙara, kallona kawai zai yi, domin yawancinsu da Turanci ko Asantanci muke ciniki.

Masta Salisu: Na gode muku. A takardar zan rubuta maragin ƙara, in ambaci atenuweta sau ɗaya a farko saboda kasuwa, kamar yadda Awudu ya nuna. Saura NR. Na rubuta ma'aunin ƙarar ɗaki, amma yanzu na ga ma'auni zai sa yaro ya zaci na'urar awon ake nufi.

Malam Habibu: To a gwada matakin ƙara, a ce ɗakin yana mataki na 35.

Injiniya Hajiya Rakiya: Malam, mataki ya fi kusa, sai dai ina tsoron a ɗauke shi a matsayin lambar desibel ɗaya da wayar hannu take nunawa, alhali wannan takan ɗara NR da biyar ko shida. Masta, ka bar haruffan yadda suke tukuna. Ranar Asabar zan zo shagon da na'urar awo, mu kunna fanka yaran su ga zangunan suna hawa da sauka, mu ji sunan da zai fito daga bakinsu.