Faɗakarwa 1,503 cikin dare ɗaya: hari ne ko ba hari ba?

Nura: Jama'a, na gaji wallahi. Daga ƙarfe takwas na dare zuwa takwas na safe faɗakarwar `4625`, ta yunƙurin shiga akawun da bai yi nasara ba, har 1,503 ta shigo mana. Na ce wa oga hari aka kawo, ya ce in daina tayar wa mutane hankali. Ni kaɗai nake gadin dare, ba mai saurarena.

Bashir: Hari? Ku 'yan tsaro ko fanka ta yi ƙara sai ku ce hari ne.

Nura: Mutum ya buga maka ƙofa sau dubu da ɗari biyar, baƙunta ya zo?

Bashir: Wa ya ce maka mutum ne?

Malam Ilu: Nura, sannu da aiki. Jimillar ba ta faɗin komai. Rarraba su kashi-kashi: akawun nawa, daga adireshi nawa, kuma tazarar lokaci nawa ce tsakaninsu. Akawun ɗaya da ake ta jefa wa kalmomin sirri ba ƙaƙƙautawa, ƙarfin tuwo ke nan. Akawun da yawa, kowanne sau ɗaya ko biyu, feshi ne. Duba min `Logon Type` da `Sub Status` ma.

Nura: To Malam. 1,440 duk na `svc_backup` ne, daga `10.0.4.17`, nau'in shiga 3, `0xC000006A`, wato kalmar sirri ba daidai ba. Duk minti biyar sai guda goma, sabar goma, kowace ɗaya.

Malam Ilu: Lissafa da kanka. Awa goma sha biyu zagaye 144 ne, sau goma ya ba ka 1,440 cif. Mai son fasa akawun ba ya gwada sau ɗaya a kowace sabar ya koma ya jira agogo. Wannan aikin ajiyar bayanai ne da ke riƙe da tsohuwar kalmar sirri. An canza ta jiya?

Nura: Akwai `4724`, alamar sake saita kalmar sirri, a kan akawun ɗin da yamma. Ba wanda ya sanar da ni.

Bashir: Ka gani! Ina harin?

Zainab: Ban yarda ba. Da kalmar da ba daidai ba ake ta turawa, ai da akawun ya kulle tun zagayen farko, mu ga `4740`. Tunda bai kulle ba, mai yin abin ya san iyakar ne yana kauce mata.

Malam Ilu: Malama Zainab, mai feshi haka yake yi, gaskiyarki. Amma akwai wani abu a Active Directory: idan kalmar da aka tura tana cikin biyun ƙarshe da akawun ya yi amfani da su, ba a ƙara `badPwdCount`, ƙidayar kuskuren kalmar sirri. Shigar za ta faɗi, akawun kuma ba zai kulle ba. Nura ya duba, in ƙidayar tana sifili alhali ana da dokar kullewa, tsohuwar kalmar ce.

Hamisu: Ni ma haka ta same ni bara, wayata ta yi ta kulle min imel. Ku ce wa mai akawun ya goge imel ɗin daga wayarsa.

Zainab: Hamisu, akawun ɗin na'ura ne, ba shi da waya.

Bashir: Matsalar ita ce kalmar. Da zarar an rubuta "hari" a rahoto, mu masu kula da sabar ake kira gaban manya.

Zainab: To wa ya canza kalmar sirri bai gyara ta a aikin ba, bai kuma faɗa wa kowa ba? Ku ne ai.

Bashir: Ku kuka matsa a riƙa canzawa duk kwana casa'in!

Zainab: Mun ce a canza, ba mu ce a yi a ɓoye ba.

Malam Ilu: Ku dakata. Saura 63. Nura, na wa ne?

Nura: Akawun 63 daban-daban, kowanne sau ɗaya, duk daga adireshi guda na VPN ɗinmu, tsakanin biyu da uku na dare. Goma sha ɗaya `0xC0000064` ne.

Malam Ilu: Wato sunayen da babu su. Nan hankalina ya fi tashi. Sabis da ya lalace sunansa ɗaya yake maimaitawa, ba ya bin jerin ma'aikata. Nemo `4624`, wato shigar da ta yi nasara, daga wannan adireshin, ka kuma gano wa aka ba shi a wannan sa'ar. In ko ɗaya ya shiga, kar ka jira oga.

Bashir: Ƙila na'urar binciken rauni ce ta 'yan tsaron da kansu. Sun saba.

Zainab: Tamu ba ta VPN take bi ba.

Bashir: Taku. Ta su Nura fa?

Nura: Zan tambaya. Rajistar VPN ba a hannuna take ba, mai ita sai Litinin.

Bashir: To bari in taƙaita wa waɗanda suka shigo yanzu. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na faɗakarwar tsohuwar kalmar sirri ce, Malam Ilu ya tabbatar. Ba hari, kamar yadda na faɗa tun farko. 'Yan ragowar Nura zai duba ranar Litinin. A gyara kalmar a aikin ajiya, kuma 'yan tsaro su sake duba dokar kwana casa'in ɗin nan tasu.