Sharhi 40, goma sha ɗaya kamar baki ɗaya ya faɗe su: ku duba mini

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Fawa-banki nake son saya ta intanet, mai 20000mAh. Sharhi 40 ne a ƙarƙashinsa, kusan duk tauraro biyar. Har na kai hannu zan biya, sai na lura mutum uku a jere kowa ya rubuta cewa ya saya wa mahaifiyarsa kuma ta ji daɗinsa. Na ci gaba da karantawa, sai na ji kamar mutum ɗaya ke magana yana canza hula. Akwai manhajar da zan zuba su ta faɗa mini ko na'ura ce ta rubuta?

Sadiq Lantarki: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ba sai kin wahala ba. Duk sharhin da kika ga Turancinsa ya tsaru, babu kuskure ko ɗaya, ga aya ga waƙafi kowanne a wurinsa, na'ura ce. Mutum ba ya rubutu haka a waya.

Malama Hauwa: Sadiq, ke nan ni ma na'ura ce? Shekara 19 ina koyar da Turanci, ko saƙon gaisuwa ba na turawa babu aya.

Sadiq Lantarki: Allah ya huci zuciyarki Malama, ban da ke.

Injiniya Bashir: Hajiya, manhajar gano rubutun na'ura ba zan ba ki shawararta ba. Kamfanin OpenAI da kansa ya fitar da irinta a farkon 2023, ya janye ta a watan Yulin shekarar saboda ba ta dacewa. Kuma irin waɗannan manhajoji sun fi ruɗewa a gajeren rubutu, sharhi kuwa layi uku ne ko huɗu. Akwai Fakespot, manhajar tantance sharhin bogi, da mutane suka daɗe suna dogara da ita, Mozilla ta saye ta a 2023, ta rufe ta a 2025.

Abin da idonki ya kama shi ne hanyar. Sharhi guda ɗaya ba a iya yanke masa hukunci, ko ni ba zan iya ba. Wanda ya ba na'ura umarni ɗaya ya karɓi sharhi talatin ya rarraba wa asusu talatin, a wajen kamanninsu da juna yake tona kansa. Ki kwafe su duka arba'in, kowanne a layinsa a Google Sheets, kusa da shi ki sa ranar da aka rubuta da sunan asusun.

Baba Ɗanjuma: Ni abin da nake yi kullum, ina duba inda aka rubuta Verified Purchase. Idan akwai shi, an saya da gaske, magana ta ƙare.

Injiniya Bashir: Baba, yana rage ƙarya amma bai kashe ta ba. Alamar tana nuna an biya kuɗi ta wannan asusun ne kawai. Mai kaya na iya tura wa mutum kuɗin ya saya, ko ya mayar masa bayan ya sa tauraro biyar. Wasu ma da asusun bogi suke sayen kayan kansu, su aika ƙaramin ƙunshi adireshin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Maman Ilham: Na kwafe. Yanzu fa?

Injiniya Bashir: Ki nemo jimlar da ta ba ki mamaki, ki ƙirga sau nawa ta fito. Idan sharhin suna rukunin A, ki rubuta wannan a wani gurbi da ba a rukunin A ba, ki sa kalmominki tsakanin alamomin * guda biyu:

```
=COUNTIF(A:A,"*peace of mind*")
```

Amma kafin ki ƙirga, ki buɗe bayanin da mai kayan ya rubuta a saman shafin. Duk kalmar da ke can, ki cire ta daga lissafi. Mutum goma su ce yana caji da sauri ba komai ba ne, abin da aka tallata musu ke nan, kuma wace magana za a yi kan fawa-banki in ba caji ba? Abin tuhuma shi ne jeren kalmomin da babu shi a tallar, ba kuma dole ne a faɗe shi ba, amma ya fito a bakin baƙi da yawa.

Maman Ilham: Ikon Allah. Waccan da ka ba da misali sau 7 ta fito. Maganar saya wa mahaifiya sau 5. Ga biyu na fassara muku, asusu daban-daban ne:

"Batirin yana daɗewa sosai kuma yana da sauƙin ɗauka a tafiya"

"Batirin yana daɗewa ƙwarai kuma yana da sauƙin ɗauka a jaka"

Injiniya Bashir: Madalla, bari mu auna waɗannan biyun yadda masu binciken ke yi. Ana yanka kowace jimla gida-gida, kalma uku a jere: "batirin yana daɗewa", sai "yana daɗewa sosai", sai "daɗewa sosai kuma", haka har ƙarshe. Kowace jimla a nan kalma 11 ce, don haka za ta ba da yanki 9. Waɗanda suka zo iri ɗaya a duka biyun guda 5 ne: na farkon, da huɗun da suka taso daga "kuma yana da" zuwa "sauƙin ɗauka a". Idan aka tara yankunan jimlolin biyu ba tare da maimaici ba, 13 ne. Sai a raba 5 da 13, a sami 0.38. Sunan wannan awo ma'aunin Jaccard, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1997 Andrei Broder ya yi aiki da shi wajen gano shafukan intanet masu kama da juna.

Mutum biyu da ba su san juna ba, in dai rubutun ya ɗan yi tsawo, makinsu yakan tsaya kusa da sifili ko da kaya ɗaya suke yabo. Sharhi 40 na ba da tagwaye 780 da za a gwada, shi ya sa ake barin kwamfuta ta yi. Da ido, ki ɗauki waɗannan bakwai da biyar ɗin kawai ki jera su.

Sadiq Lantarki: To Injiniya ai ka ba mu wuƙa. Duk abin da ya haura 0.3 na bogi ne, shi ke nan.

Injiniya Bashir: A'a Sadiq, babu lambar da aka kafa. A gajeren sharhi ma awon ba ya aiki: mutum biyu su rubuta "kaya ya yi kyau", makinsu 1 ne cif, kuma dukansu mutane ne. Sannan ka lura da misalin Hajiya, kalma ɗaya da aka canza a tsakiya, "sosai" ta koma "ƙwarai", yanki uku ta rusa. Na'urorin yanzu in aka ce su sauya lafazi, kusan kowace kalma za su canza, makin ya faɗi ƙasa. Wannan awon malalata yake kamawa.

Abin da ya fi wuyar ɓoyewa shi ne ƙashin bayan rubutun. Umarni ɗaya aka bayar, don haka jerin maganar yakan zo ɗaya: dalilin saye, yabo biyu ko uku, ɗan ƙorafi marar zafi don a ce an yi adalci, sai a rufe da cewa kowa ya saya. Hajiya ki duba ƙorafin musamman.

Maman Ilham: Wallahi kamar kana kallon allona. Guda 11 ne suka bi wannan tsarin, kuma a tara daga ciki ƙorafin ɗaya ne: wayar cajin da ke cikin kwalin ta ɗan yi gajarta, amma ba matsala ba ce. Duk goma sha ɗayan tsakanin kwana huɗu aka rubuta su. Kafin nan sai a yi sati biyu ba a sa ko ɗaya ba.

Anti Rabi: Ni fa ina da ja. Ina sayar da kaya ta intanet, kuma ranar da na yi rangwame sai sharhi goma su shigo cikin kwana uku, don lokaci ɗaya kayan suka isa hannun mutane. Kuma yawancin masu sayena ba Turanci ne harshensu ba. Su rubuta da nasu, manhaja ta fassara ko ta gyara musu, sai ka ga duk sun fito da murya ɗaya. Da wannan hanyar taku ai ni ma kun kama ni, alhali ban taɓa sayen sharhi ba.

Malama Hauwa: Maganar Anti gaskiya ce. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada manhajojin ganowa a 2023 da rubutun jarrabawar ɗaliban da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, fiye da rabi aka ce na'ura ta rubuta. Amma Anti, ni da nake makin insha'i na san bambancin. Yaran da malami ɗaya ya koyar salonsu kan zo ɗaya, abin da suke faɗa ya bambanta. Waɗanda suka yi satar amsa kuwa, har kuskurensu ɗaya ne. Masu sayenki ko manhaja ta wanke musu Turanci, wannan zai ce kwalin ya zo a murƙushe, waccan ta ce launin bai kai na hoto ba. Mutum tara ba za su haɗu a kan gajartar waya kaɗai ba.

Sadiq Lantarki: Nan kam fagena ne. Mai fawa-banki na gaske lissafi yake kawowa. Batirin ciki 3.7V ne, fita kuma 5V, ga asarar zafi, don haka mai 20000 abin da zai ba ka bai fi 13000 da wani abu ba. Wayar da batirinta 5000 ne, cika biyu da rabi zuwa uku. Wanda ya riƙe shi wata guda zai faɗi sunan wayarsa, sau nawa ta cika, awa nawa shi kansa yake ɗauka kafin ya cika, ko yana zafi. Na'ura ba ta taɓa riƙe shi ba, tallar kawai aka ba ta.

Maman Ilham: Cikin sha ɗayan babu wanda ya ambaci sunan waya. Na shiga asusun huɗu daga ciki, uku duk sun yi sharhi kan fitilar tebur iri ɗaya da wani matashin wuya, a mako guda.

Injiniya Bashir: Wannan ya fi duk lissafin da na yi nauyi. Baƙi uku su haɗu a kan kaya uku marasa alaƙa a mako ɗaya, da wuya a ce sa'a ce. Ki ajiye sha ɗayan gefe, ki karanta sauran 29, ki fara da masu tauraro biyu da uku. Akwai maɓallin kai rahoto ƙarƙashin kowane sharhi a yawancin shafuka, ki haɗa musu da ranakun. A Amurka hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta haramta saye da sayar da sharhin bogi tun Oktoban 2024, har da wanda na'ura ta ƙirƙira.

Anti Rabi: Har yanzu ban gamsu duka ba. Wanda ya saya da kuɗinsa, ya ji daɗin kayan, ya ce wa na'ura rubuta mini yabo don shi ba ya son dogon rubutu, nasa zai faɗa cikin tarin nan naku. Shi ma na bogi ne?

Injiniya Bashir: Ta lafazi kaɗai ba zan iya raba shi da su ba Anti. Sai dai tarihin asusunsa ya cece shi.

Baba Ɗanjuma: To ni dai a ƙarshe, a saya ko kar a saya?

Maman Ilham: Baba, cikin 29 ɗin mutum shida sun ce bayan wata biyu ya daina cika wayarsu ko sau ɗaya, kowa da irin wayarsa da irin faɗansa, ɗaya ma da manyan baƙaƙe ya rubuta don haushi. Na cire shi daga kwando. Sadiq, turo mini sunayen guda biyu da ka taɓa gwadawa da hannunka.