Neman shawara: kibod ɗin Chromebook ba Caps Lock, ba Delete, ba F4, yaya zan yi?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni Chromebook a wurin aiki, kuma yawancin aikina lissafi ne a Google Sheets. Na duba kibod ɗin sama da ƙasa, ban ga `Caps Lock` ba, ban ga `Delete` ba, layin `F1` zuwa `F12` ma babu shi. Wanda ya fi damuna `F4` ne, don da shi nake saka alamar `$` a cikin lissafi. Don Allah mai sani ya taimaka.

Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ma tawa ta taɓa rikicewa, ina danna harafi wani daban yana fitowa. Harshen kibod ɗin ne ya sauya. Ki duba ƙasa kusa da agogo, idan ba `US` aka rubuta ba ki mayar da shi.

Malam Bashir:
Sadiq, taka matsalar daban ce. Ita maɓallan ne babu su kwata-kwata, kuma haka ake ƙera na'urar tun samfurin farko, Cr-48, da Google ya fitar a 2010.

Maman Hanif, ki fara gane maɓalli guda, sauran duk a kansa suke. Ki duba hagu da harafin `A`, inda `Caps Lock` yake zama a sauran kwamfutoci. Za ki ga maɓalli mai hoton madubin bincike ko ɗan da'ira. Wasu wurare ana kiransa `Search`, wasu `Launcher`, abu ɗaya ne. Zan riƙa cewa `Search`.

Manyan baƙaƙe: ki riƙe `Alt` ki taɓa `Search`. Babu fitilar da za ta kama a kibod, sai dai wata 'yar kibiya mai kallon sama da za ta bayyana kusa da agogo. Idan kin gama ki maimaita, ko ki taɓa `Shift` sau ɗaya, zai kashe. Ki saba da kallon kibiyar nan, musamman idan kalmar sirrinki ta ƙi shiga alhali kin tabbata daidai kika rubuta.

Share harafin da ke gaban alamar rubutu kuwa `Alt` da `Backspace` ne. Shi ne kuma yake goge fayil a cikin `Files`.

Sai `F4`. Layin sama mai kibiyoyi da hasken allo da ƙarar sauti, shi ne layin F ɗin, an dai ba shi wani aiki ne a sama. Idan kika riƙe `Search` kika danna ɗaya daga cikinsu, sai ya koma F. Ki ƙirga daga dama da `Esc`: na farko `F1`, na biyu `F2`, har na huɗu.

Zainab A.:
Ba sai an sha wahalar ƙirga ba. `Search` da lamba 4 shi ne `F4`, `Search` da 2 shi ne `F2`. Haka na koya tun ina makaranta.

Maman Hanif:
Allah ya saka, manyan baƙaƙe da sharewa duk sun yi. Amma Zainab, na gwada `Search` da 4, babu abin da ya motsa. Malam Bashir, na danna na huɗun, sai duk tagogina suka ƙanƙance suka jeru a allo.

Malam Bashir:
Abin da Zainab ta faɗa ya yi aiki shekaru da yawa, har `F12` ma yana kaiwa, amma sababbin ChromeOS sun daina karɓarsa, shi ya sa ban kawo shi ba.

Tagogin da suka jeru kuwa sun nuna min abu biyu. Na ɗaya, na'urar ba ta ga `Search` a riƙe ba lokacin da kika danna. Ki fara danne shi, kada ki saki, sannan ki taɓa na saman. Na biyu, kibod ɗinki irin na baya-bayan nan ne wanda aka cire masa kibiyar gaba. A tsofaffi, bayan `Esc` akwai kibiyar baya, kibiyar gaba, sabuntawa, sannan cika allo, don haka cika allo shi ne `F4`. A naki babu kibiyar gaba, komai ya matso da ɗaya, sai mai nuna tagogi ya zama na huɗu. Wannan ne yake sa mutum ya karanta cewa "maɓallin cika allo shi ne F4", ya gwada a tasa ya ga ba haka ba. Ki bar kallon hoton da ke jikin maɓalli, ki bi ƙirge.

Ga gwaji. A ce farashin kaya yana `B2` zuwa ƙasa, kason ragi kuma yana `E1` shi kaɗai. Ki shiga `C2` ki rubuta:

```
=B2*E1
```

Kada ki danna `Enter` tukuna. Alamar rubutu tana manne da `E1`, ki riƙe `Search` ki danna na huɗu. Ya kamata ki ga:

```
=B2*$E$1
```

Idan kika sake dannawa zai zama `E$1`, sannan `$E1`, sannan ya koma `E1`. Amma fa sai kina cikin lissafin, alamar tana kan sunan gidan. Idan gidan kawai kika zaɓa daga waje ba za ki samu `$` ba, ko da kin danna daidai.

Injiniya Lawal:
Tunda kullum a Sheets take, ni shawarata ta juya layin gaba ɗaya. `Settings`, sai `Device`, sai `Keyboard` ko `Keyboard and inputs`, ya danganta da sigar. Ki kunna `Treat top-row keys as function keys`. Daga nan na huɗu zai zama `F4` kai tsaye da yatsa ɗaya. Abin da kika bayar a madadin shi ne ƙara sauti da hasken allo, su ne yanzu za su nemi ki riƙe `Search`. A wurin nan kuma za ki iya mayar da `Search` ɗin kansa ya zama `Caps Lock` na dindindin. Ni haka na yi wa tawa.

Malam Bashir:
Na farkon na yarda, Injiniya. Na biyun ne ban goyi baya ba a wajenta. Da zarar `Search` ya zama `Caps Lock`, da me za ta riƙe ta rage sauti bayan ta juya layin sama? Ga `Home` da `End`, waɗanda `Search` da kibiyar hagu ko dama ne, su ma sun tafi, kuma mai aikin lissafi tana bukatarsu fiye da manyan baƙaƙe.

Injiniya Lawal:
Sauti da haske ai suna nan a kwanar agogo, taɓawa biyu ne. Ni sunayen kaya nake shigarwa da manyan baƙaƙe yini guda, hannuna ba zai jure `Alt` da `Search` kowane minti ba. Kowa da irin aikinsa dai, Malam.

Sadiq:
To `F11` da `F12` fa? Na ƙirga nawa, a goma ya tsaya.

Injiniya Lawal:
Yawanci abin da kake nema da su yana da wata ƙofa. Aikin `F11` shi ne cika allo, ga maɓallinsa nan a sama. `F12` na kayan masu gina shafi ne a Chrome, `Ctrl` da `Shift` da `I` suna buɗe shi. Idan wata manhaja ce ta nace sai `F12` ɗin kansa, ka duba `Customize keyboard keys` ko taka sigar tana da wurin saita shi, in babu ka jona kibod na waje.

Maman Hanif:
Alhamdulillah, `$E$1` ya fito, na ja lissafin har ƙasa bai goce ba. Na kunna saitin layin sama, `Search` kuma na bar shi yadda yake. Abokiyar aikina tana gefena da tata, ita kuma wurin maɓallin nan wata alama ce daban mai kama da ƙari, ga wani `fn` a ƙasa. Ita ma `Alt` ɗin za ta riƙe, ko nata daban ne?