Neman kalma: me za mu kira saƙon da ke jiran rezo?

Hadiza: Salamu alaikum. Ina fassara manhajar da ma'aikatan sitonmu ke danna kama aiki da rahoton lodi, kuma Litinin zan miƙa. Rubutu biyu sun tsaya mini a wuya: `En attente d'envoi` da `Synchronisé`. Na farkon na fitowa ne in mutum ya danna babu rezo, waya ta riƙe bayanin. Gurbin ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da kalma huɗu.

Sani: "Yana hanya" da "An daidaita". An gama.

Injiniya Laminu: Sani, "yana hanya" ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ke ci wa mutum kuɗin yini. Saƙon bai bar wayar ba. Wanda ya ɗauka ya tafi yana iya goge bayanan manhajar don ya samu wuri, ko ya cire ta ya sake sakawa, abin da ke jira kuwa ya tafi ke nan.

Hadiza: Abin da ya sa aka sake tsarin ma ke nan. Wani yaronmu a Ɗan Isa ya danna kama aiki ƙarfe 7:02, rezo bai dawo ba sai 9:40, sai 9:40 ta fito a ofis, aka rubuta masa makara. Da ya ga shiru kuma ya danna sau uku, ofis ya ga mutum ɗaya ya kama aiki sau uku.

Injiniya Laminu: Ciwo biyu ne. Na farko, sabar, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin, ta rubuta lokacin da saƙo ya iso mata, alhali lokacin dannawa ake so. A ajiye duka biyun, 7:02 ta waya da 9:40 ta isowa, domin ana iya murɗa agogon waya. In lokacin dannawa ya wuce na isowa, ka san agogon ya karkace. Na biyu, waya ta ba kowane saƙo lambarsa tun kafin aikawa, ko sau goma ta sake turawa da lambar nan za ta tura, sabar ta gane shi ne na ɗazu. Maɓallin kuma ya rufe da dannawar farko. Wayar ba ta share komai sai sabar ta amsa, domin wani lokaci saƙo ya isa, amsar ce ta ɓace a hanya.

Malam Isufu: To ai rumbu kuke kwatantawa. A zuba hatsi, a rufe, a ɗiba in lokaci ya yi. Ki sa "Yana rumbu". Kuma don Allah ku bar cewa rezo da saba, kamar Hausa ta talauce.

Sani: Malam, me za mu ce to? A Jibiya sabis suke cewa, shi ma aro ne.

Malam Isufu: Su ta shafa. Kullum mu jira Kano ta raɗa suna mu ɗauka? Katsinawan Maraɗi ba su koyi Hausa a rediyo ba.

Bala: Ni dai tawa in ban buɗe manhajar ba, ba ta turawa ko rezo ya cika. A canza kamfanin layi kawai.

Injiniya Laminu: Bala, ba laifin layi ba ne, tsimin batir ne ke kashe manhajar a bayan fage, cire ta daga cikin tsimin batir ɗin. Malam, da girmamawa, rumbu bai yi ba. Abin rumbu hankali kwance ake barinsa har bazara, wannan kuwa so ake mutum ya damu har ya fita. Sannan bi da bi yake fita: kama aiki ya riga "an gama lodi", in ba haka ba ofis ya ga aikin mutumin da bai zo ba. Layi ya fi kusa.

Sani: Layi kuma a waya, kowa SIM zai ɗauka.

Hadiza: Na gwada wa masu lodi biyu yanzu. "Yana rumbu" dariya suka yi, ku yi haƙuri Malam. "Bai tafi ba tukuna" suka gane nan take. Na biyun na sa "Ya isa", ɗaya ya ce wai an ce ya daina dannawa ne?

Injiniya Laminu: Sa "An karɓa". Ki roƙi masu manhajar su nuna adadi a gefe, mutum ya ga saura 3 kafin ya kashe waya.

Malam Isufu: Wannan jimla ce, ba suna ba. Ranar da za ki rubuta littafin koyarwa za ki dawo neman rumbuna.

Hadiza: Wataƙila, Malam. Na Litinin dai na sa waɗannan biyun. Wurin jiran kansa na bar gurbinsa fari, mai shawara ya turo kafin daren Lahadi.