Mafarkin komawa gida hannu rabbana

Assalamu alaikum. Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Ringim, shekarata 3 ina aikin gini a Jidda. Wata biyu ke nan ina mafarki iri ɗaya: na sauka tashar garinmu, Inna ta tarye ni, na buɗe jaka ba komai sai buhun siminti yagagge. Sai in farka da gumi, barci ya ƙaurace min har asuba.

Ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina tofi a hagu sau uku, na daina shan shayi da dare, duk bai hana ba. Na lura ya fi zuwa daren da na yi waya da gida aka ambaci kuɗin taki, alhali albashi ya makara.

Shin damuwar da nake kwana da ita ce ke dawo min, ko mafarki ne da ya kamata in kai wa malami ya fassara?