Neman kalmar Hausa: me za mu kira "bukul" da ba ya tsayawa a Python?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da ɗalibaina na nan Maradi gyaran wani aikin gida na Python, kuma takardar darasin za ta tafi wurin bugawa ranar Juma'a da safe, da Hausa. Aikin shi ne a lissafa makonni nawa mutum zai yi kafin ya gama biyan bashin sefa 10000 idan yana biyan wani adadi kowane mako. Ga abin da wata ɗaliba ta rubuta:

```python
saura = 10000
biya = 750
mako = 0
while saura != 0:
    saura = saura - biya
    mako = mako + 1
print(mako)
```

Shirin ba ya fitar da komai, kuma ba ya ƙarewa. A aji muna kiran irin wannan ginin na `while` mai maimaita aiki "bukul" kamar yadda muka koya da Faransanci, amma ina son kalmar Hausa da zan sa a takardar da kuma cikin sharhin da ake rubutawa bayan alamar `#`. Me kuke ba da shawara?

Laminu: Wa alaikumus salam, Malama. Ni "zagaye" nake cewa, wanda ba ya tsayawa kuma "zagaye marar iyaka". Game da kuskuren, kusan kullum dalilin ɗaya ne: ɗalibi ya manta bai canza ƙimar da sharaɗin yake dubawa ba. Ku duba ko ta manta da ragewar.

Injiniya Sani: Ƙanena Laminu, abin da ka faɗa yana faruwa sosai, amma ba shi ne a nan ba, domin layin `saura = saura - biya` yana nan, kuma `saura` yana raguwa kowane lokaci. Matsalar ita ce sharaɗin yana jiran `saura` ya zama sifili daidai, alhali 750 ba ya raba 10000 ba tare da saura ba. Bayan biya goma sha uku an biya 9750, saura 250. A biya na goma sha huɗu sai ya faɗa -500, wato ya tsallake sifili bai taka shi ba, daga nan kuma yana ta nisa da shi. Tunda cikakkun lambobi a Python ba su da iyakar girma da aka yanka musu, babu wani bango da shirin zai ci karo da shi ya tsaya da kansa. Ina kyautata zaton ɗalibar ta gwada da 500 ko 1000 ta ga ya yi aiki, domin da 500 yana sauka kan sifili a mako na 20.

Malama, kada ku gaya musu amsar, ku sa su gan ta da idonsu. Da farko su danna `Ctrl+C`. Python zai katse shirin ya rubuta `KeyboardInterrupt` tare da lambar layin da yake kai a lokacin, wanda ya isa ya nuna musu inda aka maƙale. Sannan su ƙara waɗannan layuka na wucin gadi a ƙarshen cikin `while`, da irin matsawar sauran layukan:

```python
    print(mako, saura)
    if mako >= 15:
        break
```

Layuka huɗu na ƙarshe da za su bayyana su ne `12 1000`, `13 250`, `14 -500`, `15 -1250`. Ɗalibin da ya ga 250 ya koma -500 ba ya bukatar dogon bayani. Amfanin `break` ɗin shi ne kada allon ya cika da dubban layuka har wurin da ake nema ya ɓace a sama.

Game da kalma, muna bukatar guda biyu, domin akwai ginin gaba ɗaya, akwai kuma wucewa sau ɗaya ta cikinsa. Idan "zagaye" ya ɗauki duka biyun, za ku rubuta "a zagaye na 14 na zagayen", wanda ba zai karantu ba.

Malam Isufu: Ina gaishe ku duka. Shekaru na yi ina koyar da Hausa, kuma na daɗe da ƙirƙiro kalmar da ta dace da wannan: "kewayau". An gina ta a kan "kewaya" kamar yadda aka gina "gagarau" a kan "gagara", kuma tana ɗauke da ma'anar abin da kewayawa ta zama masa ɗabi'a. Kalma ɗaya ce, ba ta bukatar jela irin ta "marar iyaka". Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda yaranmu ke cewa "bukul" kamar Hausa ta talauce. Tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, to ina amfanin wannan idan a aji muna ci gaba da aro?

Rabi: Baba Malam, ku yi haƙuri in kawo tawa matsalar, domin ina ganin iri ɗaya ce. Na rubuta shirin da ke tambayar sunan mutum, sai ya tsaya shiru ba ya yin komai har na rufe shi. Shi ma kewayau ne?

Injiniya Sani: Rabi, idan akwai `input()` a shirinki kuma ba ki sa rubutun tambaya a cikin bakan ba, to jiranki yake yi ki rubuta wani abu ki danna `Enter`. Hanyar bambancewa mai sauƙi ce: shirin da ke jira ba ya wahalar da kwamfuta, amma wanda ke maimaita lissafi ba tsayawa yana cinye ƙarfin na'urar, har wani lokaci ki ji fanka tana ƙara. Idan kika danna `Ctrl+C` kika ga layin da aka nuna na `input()` ne, kin sami amsarki.

Laminu: Malam Isufu, da girmamawa, a Kano da Zariya na ga ana rubuta "madauki", kuma ɗalibanmu suna karanta abin da ake rubutawa can. Idan muka ƙirƙiro tamu daban, za mu raba kan masu karatu.

Malam Isufu: Ɗana, Hausar Katsinar Maradi ba ta jiran izini daga kowa. "Madauki" abu ne na igiya ko na jaka, siffa ce da ido ke gani, ba aiki ne da ake yi ba. Wanda ya fara sa ta a nan ƙamus ya buɗe ya ɗauki ma'anar farko. Kuma ban yarda cewa duk abin da aka buga a kudu ya fi namu inganci ba.

Laminu: Ban ce ya fi inganci ba, Malam, na ce ya fi yawa. Amma na yarda "madauki" ba ta nuna maimaitawa.

Malama Hadiza: Ina roƙonku mu koma kan takardar, domin lokaci ya ƙure mini. Baba Malam, na gwada "kewayau" a cikin jimla kamar haka: "Kewayau ɗin yana ci gaba muddin akwai sauran bashi." Damuwata ita ce, kamar yadda ku da kanku kuka bayyana, kalmar tana nufin abin da ba ya barin kewayawa, don haka ta fi dacewa da mai matsalar. To me zan kira lafiyayyen, wanda ke tsayawa a mako na 14?

Injiniya Sani: Tambayar Malama ita ce ainihin maganar. Shawarata ita ce "maimai" ga ginin, tunda kalma ce da kowa ya sani, "zagaye" ga wucewa sau ɗaya, sannan "maimai marar tsayawa" ga wanda ya ƙi ƙarewa. Ku lura kuma cewa abin da ke bayan `while` sharaɗin ci gaba ne, ba sharaɗin tsayawa ba, kuma ɗalibai da yawa suna juya wannan a kansu. Idan aka karanta layin da Hausa, "muddin saura bai zama sifili ba, a ci gaba", kunne da kansa zai tambaya: idan ya wuce sifili fa? Ga gyaran da sharhinsa:

```python
if biya <= 0:
    raise ValueError("dole biya ya zama fiye da 0")

# Maimai yana ci gaba muddin akwai sauran bashi.
# An sa > 0 maimakon != 0 domin saura na iya tsallake sifili:
# a zagaye na 14, 250 - 750 = -500.
while saura > 0:
    saura = saura - biya
    mako = mako + 1
print(mako)
```

Amsar ita ce 14. Layuka biyu na farko suna rufe wata ƙofar daban: idan `biya` ya zama 0, `saura` ba zai taɓa raguwa ba, kuma ko da sabon sharaɗin shirin ba zai tsaya ba. Wannan shi ne irin kuskuren da Laminu ya ambata tun farko. Game da sharhin, ban rubuta "a rage biya daga saura" ba, domin layin da kansa ya faɗi haka. Abin da layin ba zai iya faɗa ba shi ne dalilin zaɓen `>`, kuma shi ne wanda zai zo ya karanta daga baya yake bukata don kada ya mayar da `!=`. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba su da matsala a sharhi, domin Python 3 yana karanta fayil da UTF-8 tun asali.

Laminu: Yaya Sani, ai a mako na 14 sefa 250 kawai ya kamata a biya, ba 750 ba. Ni da zan rubuta `saura = saura - min(biya, saura)`, don kada saura ya taɓa zama ƙasa da sifili.

Injiniya Sani: Gaskiyarka, kuma ya fi kyau idan ana son a nuna adadin biyan ƙarshe. Amma da zarar ka sa `min`, dole ka goge layuka biyu na sharhina, domin `saura` ba zai ƙara tsallake sifili ba, sai sharhin ya zama ƙarya. Sharhin da ya saɓa wa abin da shirin ke yi ya fi rashin sharhi muni. Tunda aikin gidan adadin makonni kawai ya tambaya, ni da na bar shi yadda yake, a ajiye `min` ya zama tambayar ƙari ga waɗanda suka gama da wuri.

Malam Isufu: "Maimai" Hausa ce tsantsa, ba zan ƙi ta ba, ko da yake ba ta nuna komawa farko kamar yadda "kewaya" ke nunawa. Amma "marar tsayawa" doguwa ce, kuma ina nan a kan cewa wanda ya ƙi ƙarewa sunansa kewayau. Ba mu kuma taɓa maganar sunan aikin da kuka yi da `print` ɗin nan ba. Ni "bin sawun kuskure" nake so.

Rabi: Mu a aji "neman kuskure" muke cewa, Baba Malam. Kuma gaskiya ne, `input()` ne ke jirana.

Malama Hadiza: Na gode muku. Zan sa "maimai", "zagaye" da "sharaɗin ci gaba" a takardar. A wurin farko da "maimai marar tsayawa" ya fito zan ambaci "bukul" sau ɗaya saboda jarrabawarsu da Faransanci suke yi, in kuma rubuta cewa wasu malamai suna cewa "kewayau". Kan sashen `print` na bar shi babu suna tukuna. Idan ba a daidaita kafin daren Alhamis ba, zan rubuta "Yadda ake gano inda kuskuren yake".

Malam Isufu: Ɗiyata, ki sa "kewayau" kafin "bukul", ba bayanta ba.