Tambayoyi 240 a warwatse, ya zan jera su tsari ɗaya ba tare da na rikita amsoshin ba?

Malamar Rikkos: Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka. Makarantarmu nan Jos za mu yi wa 'yan aji shida jarrabawar gwaji a kwamfuta kafin JAMB, ni aka bari da haɗa tambayoyin. Malamai huɗu kowa ya turo 60, kuma kowa da salonsa. Ɗaya a Word ya turo, amsar daidai ya mata rubutu mai kauri, ɗaya ta wasap zaɓin duk a layi ɗaya, ɗaya ya kwafo daga PDF layukan sun kakkarye sannan amsoshin na can ƙarshe, 1. B 2. D haka. Wanda zai ɗora a Moodle, manhajar da za a yi jarrabawar a kanta, ya ce sai na kawo masa a tsarin Aiken ranar Litinin. Na fara da hannu, tambaya 30 ta ci min wuni.

Ɗan Terminus: Malama ki kwafe komai ki zuba a Notepad kawai, duk dattin Word zai wanke, daga nan sai ki gyara cikin sauƙi. Ni haka nake wa masu kawo min aiki a shago.

Baban Khalifa: Ɗan Terminus ka yi gaskiya a rabi, ƙarshenta dai rubutu zalla za a koma, amma dan Allah Malama kar ki fara da wannan. Kaurin rubutun nan shi ne kaɗai shaidar amsa a fayil ɗin malami na farko, kina zuba shi a Notepad kaurin ya tafi, ki rasa amsa 60 a lokaci guda. Kafin komai ki yi kwafin fayilolin huɗu ki ajiye na asali a gefe kar ki taɓa su, kuma kar ki haɗa su wuri ɗaya tukuna, kowanne ki gama da shi shi kaɗai tunda cutarsu ba iri ɗaya ba ce.

Ga inda za mu je, wato tsarin Aiken ɗin, don ki riƙa gani a idonki:

```
A wace shekara aka ƙirƙiri jihar Filato?
A. 1967
B. 1976
C. 1987
D. 1996
ANSWER: B
```

Tambaya dole ta zauna a layi ɗaya komai tsawonta, kowane zaɓi layinsa da babban harafi da ɗigo da tazara, kalmar ANSWER da manyan haruffa sai ɗigo biyu sai tazara. Ki bar layi fanko tsakanin tambaya da tambaya don idonki ya huta.

Mu fara da na Word ɗin. Ki danna Ctrl+H, ki sa kibiya a akwatin Find what ki bar shi ba komai sai ki danna Ctrl+B, za ki ga ƙasansa ya rubuta Font: Bold. A akwatin Replace with ki rubuta `##^&` sannan Replace All. Abin da kika ce masa shi ne duk inda ya ga rubutu mai kauri ya bar shi yadda yake amma ya manna masa ## a gaba. Yanzu alamar ta zama harafi, ko ina kika kai rubutun za ta bi shi. Sai dai kafin nan ki cire kaurin da ke kan taken jarrabawa da lambobin tambaya in akwai, in ba haka ba su ma za su samu alamar.

Daga nan ki kwashe zuwa Notepad++, kyauta ne. Ctrl+H, a ƙasa ki zaɓi Regular expression.

Malamar Rikkos: Na gode Baban Khalifa, na yi na Word ɗin ya fito. Amma wasu sun fito haka `(a) 1967 ##(b) 1976` wasu kuma `(b) ##1976`, malamin wani wuri ya haɗa da harafin wani wuri bai haɗa ba. Akwai matsala?

Baban Khalifa: Madalla da kika lura, wallahi nan ne mutane ke faɗawa rami ba su sani ba. In kika raba layukan a haka, wuƙar tana yanka ne daidai kan (b), sai ## ɗin ta maƙale a wutsiyar zaɓin A, kin ga amsar da take 1976 ta koma kamar 1967, kuma ba abin da zai yi miki ƙara, fayil zai shiga lafiya lau yara su faɗi tambayar da suka ci. Don haka sai kin fara tura alamar bayan harafin:

```
Find what:    ##\s*(\([a-e]\))\s*
Replace with: \1 ##
```

Sannan ki raba zaɓin, kowanne ya sauka layinsa da babban harafi:

```
Find what:    \s*\(([a-e])\)\s*
Replace with: \r\n\u\1. 
```

Akwai tazara ɗaya bayan ɗigon ƙarshe, kar ki manta da ita. Wannan na biyun shi ne kuma zai miki maganin na wasap ɗin in shi ma da baka ya rubuta haruffansa. Yanzu amsar daidai za ta zama `B. ##1976`. Na ƙarshe shi zai cire alamar ya rubuta layin amsa a ƙasan zaɓin:

```
Find what:    ^([A-E])\. ##(.*)((?:\R[A-E]\. .*)*)
Replace with: \1. \2\3\r\nANSWER: \1
```

Ki tabbata akwatin da aka rubuta `. matches newline` ba a yi masa alama ba. Kuma ki fara danna Replace sau uku ko huɗu kina kallo kafin ki saki Replace All, in ya ɓaci Ctrl+Z na nan.

Maman Ilham: Ni in dai amsoshin ne ba ki da su ki turo min na Hausa da na addini in yi miki, ina koyar da su shekara da shekaru a Bukuru.

Malamar Rikkos: Allah ya saka Maman Ilham, amsoshin akwai su, jera su ne damuwata. Amma in na gama zan so ki duba min na Hausan.

Malam na Farin Gada: Tunda an ambaci Hausa bari in faɗi abin da ya same ni bara. Nawa malamin ba baka ya sa ba, a. b. c. d. ya rubuta, wani ya ba ni irin wannan dabarar na ce a yanka duk inda aka ga harafi da ɗigo. To ku duba kalmominmu, gida. kasuwa. makaranta. kusan rabinsu da a suke ƙarewa, sai ga shi ya yanke wutsiyar kowace jimla ya mai da ita zaɓin A, "Audu ya tafi kasuw" sannan A. a ƙasa. Sai da na koma fayil na asali. Maganin shi ne a ce masa sai in akwai tazara kafin harafin. Abu na biyu ƙ da ɗ da ɓ, ki shiga Encoding ki tabbata UTF-8 ne kafin ki adana, ni da na ɗora na farko duk ƙugiyoyin alamar tambaya suka zama, tambayar da ke son yaro ya bambance kafa da ƙafa ta tashi a banza.

Baban Khalifa: Haka ne Malam. Ko mai bakan ma yana da nasa, tambayar lissafi mai f(a) ko tambayar da ta ce "sashe na (b)" zai yanka ta a tsakiya. Shi ya sa ƙidaya ta fi komai. Malama a shafin Find akwai maɓallin Count, ki ƙirga `^A\. ` sannan `^D\. ` sannan `^ANSWER: `, dukansu 60 ya kamata su ba ki. In A ta fi 60 an yanka wata tambaya, in D ta gaza wani zaɓi ya maƙale a jikin ɗan uwansa, in ANSWER ta gaza malamin ya manta bai kaurara wata ba. A ƙarshe ki nemi ## in ta rage ko ɗaya to wurin na da gyara.

Na PDF ɗin kuma gaskiya ba na ba ki shawarar dabara a kai. Ki zaɓi layukan kowace tambaya tun daga lambarta har zaɓin ƙarshe ki danna Ctrl+J su haɗe layi ɗaya, sannan ki raba da waccan ta biyun. Amsoshin ƙarshen ki sa su da hannu, 60 ne, wani na karanta miki lamba da harafi kina rubutawa, minti ashirin kun gama. Amma kar ki goge lambobin tambaya sai kin gama wannan, kuma ki fara bin lambobin da ido daga 1 zuwa 60. Malami yakan cire tambaya ɗaya ya manta bai gyara takardar amsa ba, ko ya maimaita 17 sau biyu, daga wurin duk amsoshin sun zame da ɗaya. Yadda ake ganewa, ki amsa ta 5 da ta 30 da ta 58 da kanki, in na farko sun dace na ƙarshe sun ƙi to zamewa ce, ki bi baya ki samo inda ta fara.

Malamin Lissafi: Ƙari ɗaya, Aiken rubutu ne zalla, ba ya ɗaukar hoto, kuma ƙaramin 2 da aka ɗaga sama a Word saukowa yake, x² ta koma x2, ma'ana ta canza gaba ɗaya. Ni irin waɗannan ware su nake a shigar da hannu bayan an ɗora sauran. Sannan in wani malami daga tsofaffin takardun NECO ya ɗebo za ki ga zaɓi biyar har E, JAMB kuma huɗu ne. Ni a ganina a cire ɗaya mara kyau a daidaita.

Malam na Farin Gada: A'a ni ban yarda mai jerawa ya cire zaɓi ba, wannan aikin mai darasin ne, in amsar E ce ya za ta yi? Moodle ai zai karɓi biyar ɗin.

Malamin Lissafi: Zai karɓa, amma gwajin JAMB ake wa yaran. To a mayar wa malamin ya cire da kansa.

Malamar Rikkos: Alhamdulillah na gama uku. A na Word A ta ba ni 61, ashe wata tambaya ce mai (a) a cikinta, ANSWER kuma 58, biyu bai kaurara ba na kira shi ya faɗa min. Na PDF ɗin kuwa Baban Khalifa kamar ka gani, babu lamba 41 a tambayoyin amma tana cikin amsoshi, da na jera a makance da duk na bayanta sun tafi. Masu zaɓi biyar guda tara ne na tura wa mai su. Saura abu ɗaya, mai ɗorawar ya ce zai kunna juya zaɓi saboda satar amsa, kuma ina da tambayoyi masu "duka na sama" da "A da C".

Baban Khalifa: Waɗannan in aka juya sun lalace, "duka na sama" sai ta hau sama ba komai a samanta. Ki nemo su ki ba shi jerinsu ya buɗe kowacce ya cire alamar Shuffle the choices a kanta, sauran ya bar su su juya. Kuma kafin Litinin ki tura masa goma na farko ya gwada ɗorawa, har da mai ƙugiya a ciki.